Yadda Ake Auna Nauyin Juyin Fulawil da Igiya da Nauyi Mai Faɗowa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin niƙa ya ga fulawil, wannan ƙaton wilin ƙarfen da ke ci gaba da juyi bayan an kashe inji. Tayar da shi da wuya, tsayar da shi ma da wuya. Wannan taurin kan nasa wajen juyi shi ne abin da littattafan fiziks ke rubutawa da harafin I, ɗalibai na ce masa momen of inashiya, ni kuma a nan zan riƙa cewa nauyin juyi. Ana auna shi da kg m². Gwajin da zan bayyana shi ne wanda ake yi a ɗakunan gwaji na manyan makarantu a nan Kano da sauran wurare: a naɗe igiya a jikin shaf ɗin fulawil, a rataya nauyi, a sake shi ya sauko yana juya wilin, sannan a bi sawun makamashin a ga inda ya shiga.

Lissafin gwajin bai da wahala. Inda ake faɗuwa shi ne gogayyar boris. A irin wilin da muke aiki da shi tana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na makamashin tun kafin nauyin ya taɓa ƙasa, kuma wanda ya yi biris da ita amsarsa za ta kumbura sosai. Saboda haka yawancin bayanin nan a kanta zai tsaya.

Kayan aiki

Fulawil mai shaf a kwance, zaune a kan boris biyu, an kafe shi a bango ko a bakin tebur mai ƙarfi, tsayinsa daga ƙasa ya ɗan haura mita ɗaya. A jikin shaf ɗin akwai ɗan guntun ƙusa da ake maƙala igiya. Sai igiya siririya mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa, kaurinta kamar milimita 1. Zaren masu ɗinkin takalmi ya yi, igiyar roba mai santsi ba ta yi ba. Sai nauyi na giram 300 da na giram 500, da tef ko ruler ta mita ɗaya, da kalifa ta auna kauri, da alli, da agogon ƙidayar sakan guda biyu (na waya ya wadatar). Ka samo tsumma ko guntun katifa ka shimfiɗa inda nauyin zai sauka. Kuma ku kasance ku biyu, in da hali uku. Mutum ɗaya ba zai iya danna agogo yana ƙirga zagaye a lokaci guda ba tare da ɗayan ya kufce masa ba.

Idan babu kalifa, kada ka fasa. Naɗe igiyar gwajin sau goma a jikin shaf, zagaye kusa da zagaye, ka yi alama a farko da ƙarshe, ka warware ka auna tsawon, ka raba shi da 10, sannan da 2π. Abin da ya fito shi ne r, wato nisan tsakiyar shaf zuwa tsakiyar igiya. Ni na ma fi son wannan hanyar, domin kaurin igiyar ya riga ya shiga ciki da kansa.

Idan babu nauyin ƙarfe mai lamba, gorar roba da aka cika da ruwa ko yashi ta yi, amma ka kai ta a ɗora a sikeli mai nuna giram. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin gorar, don ita kanta robar da murfinta suna da nauyi. Idan kuma fulawil ɗin ne babu gaba ɗaya, faifan ƙarfe mai kauri da sanda da boris biyu ana samun su a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Sharaɗin kawai shi ne ramin tsakiya ya zama a tsakiyar gaske, don haka mai injin sassaƙa ƙarfe za ka kai wa ya huda, ba mai walda ya fasa da wuta ba.

Ɗan bayanin da kake bukata

Nauyi m da ke sama da ƙasa da tsayin h yana riƙe da makamashi mgh, inda g shi ne yadda jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa gudu. Da ya sauko, makamashin nan ya rabu gida uku kamar kuɗin cefane: wani ya tafi a gudun nauyin kansa, wani a juyin wili, wani kuma boris ya cinye ya mayar da shi zafi. Dole jimlar ukun ta yi daidai da abin da aka fito da shi:

```
m g h = ½ m v² + ½ I ω² + n1 f
```

v shi ne saurin nauyin a lokacin da ya taɓa ƙasa, ω saurin juyin wili a wannan lokacin, n1 yawan zagayen da wili ya yi nauyin na saukowa, f kuma makamashin da gogayya ke ci a kowane zagaye ɗaya. Tun da igiya ce ta haɗa su, v = r ω.

To ina za a samo f? A nan dabarar gwajin take. Bayan igiya ta zame, babu mai tura wilin kuma, gogayya ce kaɗai ke ci masa. Idan ya yi zagaye n2 kafin ya tsaya cak, to duk makamashin juyin da yake da shi ya ƙare a waɗannan zagayen: ½ I ω² = n2 f. Ka ciro f daga nan ka zuba a lissafin farko, sai ka samu:

```
I = m (2 g h / ω² − r²) × n2 / (n1 + n2)
```

Saura ω. Idan gogayyar ba ta canzawa, wilin yana rage gudu a hankali daidai wa daida, daga ω zuwa sifili, don haka matsakaicin saurinsa rabin ω ne. Ya yi zagaye n2, kowane zagaye radiyan 2π, cikin lokaci t. Wato ω/2 = 2π n2 / t, ko kuma:

```
ω = 4 π n2 / t
```

Wannan 4 ɗin shi ne abin da ɗalibai suka fi mayarwa 2. Wanda ya yi haka ya ɗauki matsakaicin sauri a matsayin saurin farko, kuma tun da ω² ake amfani da shi, amsarsa za ta ninka kusan sau huɗu.

Matakai

1. Duba wilin kafin ka taɓa igiya. Juya shi da hannu ka saurara. Idan kana jin ƙarar yashi, ƙura ta shiga boris, abin da ba ya wuya a lokacin hunturu ga wilin da ya kwana watanni ba a rufe ba. Wanke shi da kananzir, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka juya shi na 'yan mintuna man ya bi ko'ina. Kada ka cusa giris mai kauri. Kuma da zarar ka fara ɗaukar awo kada ka ƙara mai, domin f zai canza a tsakiyar aiki, awon farko da na ƙarshe su zama na wili biyu daban. Sannan ka lura da yadda yake tsayawa. Idan kullum gefe ɗaya ne ke komawa ƙasa, yana ɗan lilo gaba da baya kafin ya nutsu, wilin bai daidaita ba. Za a iya aiki da shi, amma lokacin tsayawarsa shi ne sanda ya fara tsayawa, kafin ya juyo baya.

2. Yi alama. Ja layin alli mai kauri a gefen wilin, ka kafa wani abu tsayayye kusa da shi, ko da tsinke ne da aka manna a bango, wanda layin zai riƙa wucewa ta gabansa. Kashe fanka. Na san zafin watan Afrilu a Kano ba wasa ba ne, amma iskar fanka tana kaɗa nauyin, igiyar ta riƙa hawa kan 'yar'uwarta.

3. Auna r. Da kalifa, auna kaurin shaf a wuri uku inda igiya za ta kwanta, ka ɗauki matsakaici, ka raba biyu, ka ƙara rabin kaurin igiya. Rubuta shi a mita tun yanzu. Santimita 1.25 shi ne mita 0.0125.

4. Yanke igiya daidai. Wannan matakin shi ke raba gwaji mai kyau da na banza, don haka ka ba shi lokaci. Ƙulla ɗan zobe a bakin igiyar, mai faɗin da zai shiga ƙusar ya fita ba tare da ya maƙale ba. Ba zarge ba, ƙullin da ba ya matsewa. Ajiye nauyin a ƙasa, a kan shimfiɗar da zai sauka, ka daidaita tsawon igiyar yadda idan zoben na kan ƙusa igiyar ta miƙe tsaf, babu sauran zagaye a jikin shaf. Abin da ake so shi ne nauyin ya taɓa ƙasa a daidai lokacin da zoben ke zamewa.

Idan zoben ya matse, wilin zai ci gaba da juyi ya sake naɗe igiyar ta ɗaya gefen, ya ɗaga nauyin sama, n2 ya lalace. Idan igiyar ta yi tsawo, nauyin zai zauna a ƙasa alhali akwai sauran zagaye a shaf, kai kuma ka ƙirga su cikin n1 bayan ba su yi aikin komai ba. Idan ta yi gajarta, zoben zai zame nauyin na sama, ya ƙarasa faɗowa shi kaɗai, h ɗin da ka auna zuwa ƙasa ya fi na gaskiya. Wannan na ƙarshen yana gyaruwa a lissafi, sai ka yi amfani da h = 2π r n1, amma gara ka gyara igiyar.

5. Naɗe. Juya wilin da hannu igiyar ta hau shaf, kana ƙirga zagaye da layin allin, har ka cika adadi cikakke, misali 12. Wannan shi ne n1. Kowane zagaye ya kwanta kusa da na baya, kada wani ya hau wani. Idan ya hau, r ya ƙaru a wannan wurin ba tare da ka sani ba.

6. Auna h daga gindin nauyin zuwa saman shimfiɗar, ba daga ƙugiya ba, ba kuma zuwa siminti ba. Nan take ka gwada shi da 2π r n1. Idan sun saɓa da fiye da santimita ɗaya ko biyu, akwai matsala a ƙirgan n1, ko a r, ko igiyar tana miƙewa. Ka nemo ta kafin ka ci gaba.

7. Raba aiki. Mutum na farko yana riƙe wilin da ɗan yatsa, da agogon farko a ɗaya hannun. Na biyu yana da agogo na biyu, idonsa na kan nauyin. Na uku idonsa na kan layin alli kawai. Ku tsayar da nauyin ya daina lilo. Kowa ya janye ƙafarsa daga ƙarƙashinsa, mai babbar riga ya naɗe hannun riga, mai hijabi ta tattare shi nesa da shaf.

8. Saki. Ɗage yatsa kawai, kada ka tura. Agogon farko ya fara a nan, ya tsaya sanda nauyin ya taɓa ƙasa. Wannan shi ne t1. A daidai wannan lokacin agogo na biyu ya fara, mai ƙirga kuma ya ce "sifili", ba "ɗaya" ba. Ɗaya sai layin ya kewayo. Idan wilin ya tsaya, a tsayar da agogo na biyu, shi ne t. A rubuta n2 har da ɓarin zagayen ƙarshe, kwata ko rabi.

Idan kai kaɗai ne, ko wilin ya fi ƙarfin idon mai ƙirga, jingine waya ta ɗauki bidiyon da ke nuna layin allin da wurin saukar nauyin. Daga baya ka kalla a hankali ka ƙirga, ka karanta lokacin daga bidiyon.

9. Maimaita sau uku da nauyi ɗaya, ka ɗauki matsakaicin n2 da t da t1. Sannan ka canza nauyi ka sake. I ba ruwansa da nauyin da aka rataya, don haka amsoshin biyu dole su zo kusa da juna.

Lissafi daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki wili na faifan ƙarfe mai faɗin santimita 20 da kaurin santimita 2. Kaurin shaf santimita 2.4, igiya milimita 1, don haka r = 1.2 + 0.05 = 1.25 cm, wato 0.0125 m. Nauyi m = 0.5 kg. An naɗe zagaye 12, tef ya nuna tsayin da ya ɗan haura santimita 94, lissafin 2π r n1 kuma ya ba da 0.9425 m. Sun dace. Bayan igiya ta zame wilin ya yi zagaye 48 cikin sakan 35. Saukowar nauyin ta ɗauki sakan 8.8.

Game da g, ka yi amfani da 9.8. A Kano ainihinsa kusan 9.78 ne, saboda kusancinmu da layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, amma wannan bambancin bai kai kuskuren agogo ba. Wanda ba na yarda da shi shi ne 10 ɗin da aka saba da shi a sakandare. Shi kaɗai yana ƙara kashi 2 cikin ɗari a amsa ba gaira ba dalili.

Fara da saurin juyi: ω = 4π × 48 / 35 = 17.23 rad/s, ω² kuma 297. Daga nan v = 0.0125 × 17.23 = 0.215 m/s.

Makamashin da aka fito da shi: mgh = 0.5 × 9.8 × 0.9425 = 4.618 J. Wanda nauyin ya tafi da shi a gudunsa: ½ m v² = 0.012 J. Ka ga ɗan mitsitsi ne, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari uku na jimlar ba, domin nauyin a hankali yake saukowa. Da an sake shi ba igiya, da bai kai rabin sakan ba ya isa ƙasa, amma ga shi ya kusa cin sakan tara. Saura 4.606 J, wanda wili da boris za su raba tsakaninsu.

Yadda za su raba shi ne n2 da n1 suka faɗa. Wilin ya yi zagaye 60 gaba ɗaya, 12 da igiya, 48 babu igiya, kowane zagaye kuma boris na cin abu ɗaya. Don haka kashi 12 cikin 60 ya riga ya tafi kafin nauyin ya sauka, wato 0.921 J, kashi 48 cikin 60 ne ke jikin wilin a matsayin juyi, wato 3.685 J. To ½ I ω² = 3.685, sai I = 2 × 3.685 / 297 = 0.0248 kg m².

Yanzu ka ga abin da zai faru da wanda ya manta da boris. Zai ba wilin duka 4.606 J, ya samu 0.0310 kg m². Ya yi sama da kwata guda cur, kuma babu abin da zai nuna masa a takardarsa, domin lissafinsa daidai ne, abin da ya zuba a ciki ne ba daidai ba.

Yadda za ka san amsarka ta gaskiya ce

Dalilin agogon farko ke nan. Nauyin ya fara daga tsaye yana ƙara gudu daidai wa daida, don haka saurinsa na ƙarshe ninki biyu ne na matsakaici: v = 2h / t1 = 1.885 / 8.8 = 0.214 m/s. Raba da r, ω ya fito 17.14. Zuba shi a lissafin I, ka samu 0.0251. Hanyoyi biyu, agogo biyu, mutane biyu, bambancin kusan kashi 1 cikin ɗari. Wannan gwaji ne mai kyau. Idan bambancin ya kai kashi 10, kada ka haɗa su ka raba biyu ka ce ka samu matsakaici. Ɗayansu na da ciwo.

Sanin wanne ne ba wuya idan ka san inda kowace hanya ke da rauni. Hanyar t1 ta rataya ne a kan r. Wanda ya manta da kaurin igiya ya sa 1.20 a maimakon 1.25, amsarsa ta wannan hanyar za ta ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari, saboda rabin milimita kacal. Wanda ya sa kaurin shaf gaba ɗaya a wurin r, tasa za ta ninka kusan sau huɗu. Sannan jinkirin yatsa a kan agogo, wanda ya kan kai kamar sakan 0.2, a kan sakan 8.8 ya haura kashi 2 cikin ɗari, a cikin I kuma ya ninka biyu.

Hanyar n2 da t kuwa kusan ba ruwanta da r muddin da tef ka auna h. Rauninta yana ƙarshen juyi, inda wilin ke rarrafe mai agogo na shakkar ya tsaya ko bai tsaya ba. Kuskuren sakan ɗaya a cikin 35 yana zama kusan kashi 6 cikin ɗari a I. Ɓatan zagaye ɗaya a ƙirga kusan kashi 4 ne. A farkon juyi wilin misalinmu na yin kusan zagaye uku a sakan, nan ne mai ƙirga ke tsallake lamba, shi ya sa na fi son ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji.

Akwai kuma abin da duk lissafin ya zauna a kansa: cewa f ba ya canzawa daga saurin farko har tsayawa. Wannan ba doka ba ce, zato ne, kuma ana iya gwada shi ba tare da wani sabon kaya ba. Wilin da ke rage gudu daidai wa daida yana cinye kashi uku cikin huɗu na zagayensa a rabin farko na lokacin. A misalinmu, sanda agogo ya kai sakan 17.5 mai ƙirga ya kamata ya kasance a wajen 36. Idan ka same shi a 40 ko sama, gogayyar ta fi yawa lokacin da wilin ke gudu, ko saboda iska ko saboda mai mai kauri, daga baya ya daɗe yana jan ƙafa. A irin wannan hali ω = 4π n2 / t yana ba da ƙasa da gaskiya, I ya fito sama. Ka dogara da hanyar t1, ko ka rage n1 don kada wilin ya yi gudu da yawa. Wannan ne ma ya sa ba na ba da shawarar tayar keke mai sifoki a madadin fulawil: ba ta da nauyi sosai, iska kuma tana kama sifokin.

Canza nauyi ma gwaji ne. Da giram 300 a wannan wilin, mgh ya zama 2.77 J, boris ya ci 0.92 ɗinsa kamar da, tun da zagayen 12 ne dai, saura wajen 1.85 J. Ya kamata ka ga kusan zagaye 24 cikin kusan sakan 25, I kuma ya dawo wajen 0.025. Lura cewa a nan gogayya ta ci sulusi, ba kashi ɗaya cikin biyar ba. Ƙaramin nauyi yana ƙara wa kuskuren gogayya ƙarfi, babban nauyi kuma yana sa ƙirga ta gagara. Zaɓi wanda zai sa n2 ya ninka n1 sau uku zuwa biyar.

Idan wilin faifai ne lafiyayye, babu rami babu kauri a baki, akwai hanyar dubawa ta uku da ba ta bukatar agogo. Girman faifan misalinmu π × 0.10² × 0.02 m³ ne, ƙarfen kuma mita kubik ɗaya nasa kusan kilo 7850, don haka nauyinsa kusan kilo 4.93. Ga faifai mai nauyi M da rabin faɗi R, I = ½ M R², wanda ya ba da 0.0247 kg m². Shaf ɗin yana ƙara abin da bai taka kara ya karya ba, saboda duk ƙarfensa na kusa da tsakiya. Amma kada ka yi wannan da wilin da aka tara wa ƙarfe a baki aka rage a ciki. Nasa I ɗin ya fi ½ M R², kuma gwajin igiyar ne zai gaya maka nawa.

Idan n2 ya ƙi ƙirguwa

Wani wilin boris ɗinsa ya yi kyau har ya kan yi minti da yawa bai tsaya ba, wani kuma ya yi muni har zagaye biyar ya tsaya. A duka biyun akwai wata hanyar auna gogayya. Rataya gorar roba a igiyar, ka riƙa zuba yashi kaɗan-kaɗan. Bayan kowane ƙari ka ɗan tura wilin da yatsa. Idan ya tsaya, ƙara yashi. Idan ya ƙara gudu, rage. Abin da kake nema shi ne nauyin da zai sa ya ci gaba da tafiya a sauri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Turawar wajibi ce, domin tayar da wili daga tsaye ya fi riƙe shi a tafe bukatar ƙarfi, wanda ya jira wilin ya tashi da kansa zai samu nauyin da ya wuce kima.

Auna gorar a sikeli, ka kira nauyin m0. Makamashin da gogayya ke ci a tsawon h kusan m0 g h ne, don haka lissafin ya koma:

```
(m − m0) g h = ½ m v² + ½ I ω²
```

v da ω kuma daga t1 za ka samo su. A wilin misalinmu boris na cin kusan 0.077 J a zagaye, igiya kuma na sauka santimita 7.85 a zagaye, don haka m0 zai fito wajen giram 100, kashi ɗaya cikin biyar na giram 500 ɗin, daidai da 12 cikin 60 da ƙirga ta ba mu. Idan naka m0 ɗin ya kai rabin nauyin da kake ratayawa, koma mataki na farko ka wanke boris, ka kuma duba ko ƙusoshin da suka riƙe su sun matse shaf ɗin a karkace.